Ranar da mai turare ta riƙe kuɗina

Na taɓa haɗa wa wata mai turare bidiyon daƙiƙa 30 kan yadda ake odar kayanta. Tana kalla ta ce, "Malam, rubutun nan kamar jifa ake da shi." Ta riƙe cikon kuɗina, kuma da gaskiyarta.

Na bar rubutun da alamar waya suna shigowa da gudu ɗaya, su tsaya ƙiƙam. Sai na koma CapCut na sa musu Ease out, wato su shigo da sauri, su rage gudu kafin su tsaya, duk cikin rabin daƙiƙa. Ta biya.

Kai ma ka duba naka. Amma bayan farashi ya tsaya, bar shi har ka karanta sau biyu kafin ka sauya fage.