Saƙo Ya Kwana a Tashar Birnin Kebbi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana ma'aikata da malamai abin da ya same ni wajen aika saƙo, don na ga laifin nawa ne, ga ni kuwa mai koya wa yara rubutun wasiƙa.

Ina da wata yaya da ke aure a Birnin Kebbi, a Badariya, tana fama da ciwon sukari. Maganinta ya ƙare, na samo mata a nan Argungu, irin na allura wanda ba ya son zafi. Na sa shi cikin ɗan mazubi da ƙanƙara, na kai tasha da hantsi, na ba wani direba. A jikin ƙunshin na rubuta sunanta, da Badariya, da lambar wayarta, na ƙara da cewa kusa da mai shayi. Ai ka san al'adar: direba aikinsa daga tasha zuwa tasha ne. In ya isa sai ya buga waya, in mai kaya ba shi da halin zuwa a ba ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ƙofar gida.

Tafiyar da mota ta yi cikin kamar sa'a guda ba ta ba da wahala ba. Ɗan guntun da ya rage shi ne ya gagara. Wayar yayata ta mutu, don sun kwana biyu ba wuta. Yaron mai babur ya shiga Badariya da azahar, ga shi mai shayi ba ya fitowa sai da safe da bayan magariba, watau alamar da na bayar ta ɗauke teburinta ta tafi gida. Ya yi ta tambayar sunan da na rubuta, kowa ya ce bai san ta ba. Gaskiyarsu kuwa, gama wa ke sanin sunan yanka na matar aure a unguwa? Gida da sunan maigida a ke saninsa, sau da yawa ma da laƙabinsa ko sana'arsa. Ko da ya dace da gidan, iyakarsa zaure, sai ya sami yaron da zai shiga ya yi masa sallama. Da ya gaji ya mai da ƙunshin tasha, ya kwana can, ƙanƙara ta narke. Kashegari mai kemis ya duba ya ce shi bai amince a yi amfani da shi ba.

Na so in yi wa yaron nan faɗa, sai ya ce, "Malam, kuɗin zuwa ɗaya aka ba ni, na yi zagaye uku, man wa na ƙona?" Na rasa amsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowane zagaye daga aljihunsa ya ke fita, shi ya sa in waya ba ta shiga ba sau biyu sai su juya.

Birnin Kebbi ta zama hedkwatar jiha a 1991, unguwanni suka yi ta yaɗuwa, gini ya riga suna da lamba. Lambar gidan waya mai alƙaluma shida yanki ta ke nunawa, ba ƙofa ba. Masu manyan wayoyi suna iya aika alamar wurin da su ke a kan taswira, amma ba ta da amfani ga mai ƙaramar waya, kuma a lungun da ƙofofi ke manne da juna takan tsaya a gidan maƙwabci.

Da na sāke aikawa, ga yadda na rubuta. Na fara da unguwa, sa'an nan abin da ba ya tashi daga wurinsa, watau masallacin da ke bakin layinsu. Na ce a ba masallacin baya a nufi yamma, a wuce layi biyu, a shiga na uku, ƙofa ta huɗu a hannun dama. Na sa laƙabin mijinta a sama, sunanta a ƙasa, da lambobin waya biyu, ɗaya ta mai shagon da ke kusa da su. Kafin mota ta tashi na buga na tabbatar akwai mai jira, na kuma yi wa mai babur alkawarin ƙari in ya kai ga komawa. Kafin la'asar magani yana hannunta da sanyinsa, yanzu kuwa ta sami sauƙi, alhamdu lillahi.

Haza wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Argungu.