Yadda na sake tsara albashina domin in fita daga bashi

Duk wanda ya ji an ce ina zaune a Nassarawa GRA sai ya ɗauka na gama da talauci. Gaskiyar magana ita ce haya nake yi a wani ɗan sashe mai ɗaki biyu a bayan gidan wani dattijo, kuma a watan Janairun 2025 ana bi na bashin naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ban san jimillar ba sai daren da na zauna da biro da takarda, domin mai bashi yakan riƙe basussukansa a kai ɗaya bayan ɗaya, ba ya son ya gan su a jere.

Masu bin nawa huɗu ne. Ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinmu tana bi na saura 900,000 na rancen da na karɓa don biyan haya, ana cire 75,000 duk wata tun kafin albashi ya iso hannuna. Yayan matata yana bi na 600,000, mai kantin da muke ɗaukar kayan masarufi 120,000, sai wata manhajar ba da rance ta waya 180,000, da ruwan kashi 10 cikin ɗari a wata.

Wannan na ƙarshen, yunƙurina na farko ne ya haife shi. Tun a Oktoba na ƙudurta zan riƙa ba Yaya duk abin da ya ragu a ƙarshen wata. Na daina sayen tsire da lemon kwalba, na ji kamar na yi abin kirki. Wata biyu na kai masa ɗan abin da ya samu, bukukuwan Disamba suka cinye na uku, sai ga Janairu da kuɗin makarantar yara da gyaran mota, ba ni da ko sisi a ajiye. Abin da na biya da hannun dama, na ranto ninkinsa da hagu.

Saboda haka a wannan karon na fara da rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna tsawon wata guda. Albashina 600,000 ne, abin da ke shigowa bayan an cire na ƙungiya 525,000. Cefane ya ci 190,000, man mota 90,000, man janareta 60,000, katin wuta 45,000. Gudummawar biki da anko sun ɗauki 50,000, data da kuɗin tashoshin talabijin 35,000, abin da nake aika wa iyayena 40,000, ƙananan buƙatu 15,000. Da na haɗa, sai na ga kuɗin ya ƙare ƙarƙaf, alhali babu haya a ciki, babu kuɗin makaranta, babu hidimar Salla.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Abubuwan da ke jefa ni bashi su ne waɗanda ba sa zuwa duk wata. Haya 1,200,000 ce a shekara, makarantar yara biyu 120,000 a kowane zango, sau uku, Salloli biyu kuma kamar 240,000. Idan aka raba wannan gida goma sha biyu, 150,000 ke nan a wata. Kasafin da bai ware wannan kuɗi ba, ko da an ga rara a ƙarshensa, rarar ƙarya ce: kuɗin mai gida ne da na makaranta da ba su zo karɓa ba tukuna.

Sai na koma kan manyan layuka, domin a nan naman yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura dubu a ƙarshen 2024, amma ni ban sauya yadda nake ƙona shi ba. Na sayar da na'urar sanyaya ɗaki a kan 200,000, na biya manhajar 198,000 a ƙarshen watan, domin ita kaɗai ce bashin da ke girma ko ina barci. Rabuwa da na'urar ya sauko da katin wuta zuwa 30,000. Janareta kuwa muka mayar da shi awa biyu da dare idan babu wuta, muka koma ga fanka mai caji, man ya dawo 15,000. Mota na raba kuɗin manta biyu ta hanyar yin karɓa-karɓa da wani maƙwabci wajen kai yara makaranta da zuwa aiki.

Cefane da biki ba su yankuwa sai da shawara. Na ajiye takardar a gaban matata, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “Malam, da ka nuna mini wannan tun bara, da ban yi ankon Disamba ba.” Ita ta kawo shawarar mu daina ɗaukar kaya kaɗan-kaɗan a kantin unguwa. Yanzu sau ɗaya a wata nake zuwa kasuwar Singa in sayo shinkafa da taliya da man gyaɗa da sabulu, kayan miya kuma daga 'Yankaba duk mako. Cefane ya koma 160,000, biki 15,000, data da talabijin 15,000. Na iyayena ban taɓa shi ba, kuma ban yi niyyar taɓawa ba.

Duka abin da aka ceto 190,000 ne. Da aka cire 150,000 na hidimomin shekara, saura 40,000 kacal na biyan bashi. Na so ya fi haka, amma gara alkawarin da zan iya cikawa. Na je har gida na sami Yaya, na ce, “Yaya, ka yi mini haƙurin wata uku in sallami mai kanti. Daga Mayu za ka riƙa ganin dubu arba'in duk wata, idan na ƙungiya ya ƙare a Janairu ya koma dubu ɗari da sha biyar, mu gama a Afrilu.” Ya ce abin da ya dame shi tun farko shirun da nake yi ne, yanzu da ya san rana hankalinsa ya kwanta.

Tsarin yana tafiya ne saboda na juya jerin biyan. Ranar da albashi ya shigo, kafin in sayi ko da gishiri, nake tura 40,000 ga mai bashi, in tura 150,000 wani asusun da ban karɓi katin cirar kuɗinsa ba. Abin da ya rage shi ake rabawa mako-mako. Alamomi biyu nake sa wa ido: idan kuɗin cefane ya ƙare kafin 20 ga wata, ko na ji bakina yana shirin ce wa mai kanti ya rubuta, to wani layi ya fara yoyo, sai mu zauna mu nemo shi a wannan makon.

Raunin tsarin shi ne babu ajiyar ko-ta-kwana. A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramar 'yarmu, magani da gwaji suka ci 35,000, dole muka haɗa kuɗin biki da na ƙananan buƙatu, muka rage nama, aka yi bukukuwa biyu ban leƙa ba. Na ji maganganu daga dangi, kuma sun yi mini zafi. Haka nan idan mai gida ya ƙara kuɗin haya, lissafin zai buƙaci sabon zama.

Yau wata tara ke nan da farawa. Abin da ya rage a kaina 585,000 ne: 225,000 na ƙungiya, 360,000 na Yaya. Mun riga mun yanke shawara da matata cewa idan Allah Ya kai mu Afrilu, wannan 115,000 ba zai koma cefane ba sai mun tara kuɗin hidimar wata uku a ajiye.