Ranar da Muka Daina Tsayawa a Kan Yaron Shago

'Yan uwa marubuta, mu biyu ne, wa da ƙani, muke da ɗan shagon buga takardu a Mahuta, kusa da matatar man Kaduna. Yara biyu ke mana aiki, kuma mun daɗe ba mu bar su sun sha iska ba. Yaro na buga rubutu, ɗayanmu na tsaye a ƙeyarsa yana nuna allo da yatsa.

Wani littafi ne ya tona mana asiri, mai shafi 96, kwafi 200. Shafi huɗu ke hawa kan kowace takarda, wato takarda 24 a kwafi guda, 4,800 gaba ɗaya, kusan rim goma. Sai da aka gama muka ga ƙugiyoyin babi biyu sun zube: "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Muka tambayi babban yaron, ya ce, "Oga, ai na ɗauka kun duba." Mu kuwa mun ɗauka shi ya duba. Gaskiyarsa ce, mu muka koya masa cewa idonsa ba shi ne na ƙarshe ba.

Yanzu kowane aiki da 'yar takardarsa a manne. A ciki akwai ranar miƙawa, da sunan mutum ɗaya tak da aikin ke wuyansa, da iyakar ikonsa. Wannan iyakar ce ta fi ba mu wuya. Ƙugiya, rabin kalma da alamar tsayawa nasa ne, ya gyara ba sai ya tambaya ba. Amma kalmar marubuci, ko da ya ga ba ta zauna ba, layi kawai zai ja mata, mu kira mai littafin.

Sau biyu muke leƙa aikin, kuma ya san lokutan tun farko. Na farko bayan shafi takwas, don idan salon harufan bai ɗauki ƙ, ɗ da ɓ ba, nan zai nuna tun asarar ba ta wuce takarda biyu ba. Na biyu kafin a kunna inji: mu zari shafi goma barkatai. Kuskure ya wuce uku, mu mayar masa da littafin duka, ba tare da nuna inda suke ba. Da mun nuna, waɗannan kaɗai zai gyara.

Karon farko sai da aikin ya koma sau biyu, muka makara da kwana uku. Hannu ya yi ta ƙaiƙayi mu karɓe, muka daure. Mu muka ba mai littafin haƙuri, ba mu ambaci yaron ba, tunda mu aka ba kuɗin.

Makon jiya ya kawo wani rubutu da layi a ƙarƙashin kalma bakwai. Mai littafin ya yarda da biyar.