Ranar Kama Aiki Ita Ma Kuɗi Ce

Wanda ya samu aikin koyarwa a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ba shi da dogon ciniki a kan albashi. Ma'aunin CONUASS ya riga ya yanka wa kowane mataki rabonsa, kuma aikin gwamnati bai san tukuicin sa hannu irin na manyan kamfanoni ba. Abin da ya rage a daidaita shi ne ranar kama aiki, kuma a nan ake tafka asara.

A ɗauki malamin da ke aiki a Zariya, wanda takardar ɗaukarsa ta iso a farkon Yuli. A ce albashinsa naira 250,000 ne, kuma ƙa'idar inda yake ita ce sanarwar wata uku kafin barin aiki, ko biyan albashin watannin a madadinta. Idan ɗoki ya kwashe shi ya tafi nan take, bashin naira 750,000 ya hau kansa. Idan kuwa ya miƙa sanarwa a ranar 1 ga Yuli, zai fita salin-alin a ƙarshen Satumba.

Saboda haka sai ya fara karɓar aikin a rubuce kafin wa'adin takardar ya cika. A cikin wasiƙar ya roƙi magatakardan jami'a ya ɗage masa zuwa 2 ga Oktoba, washegarin hutun ranar 'yancin kai, tare da kwafin sanarwar da ya bayar. Yana da hujja ta biyu: a Agusta da Satumba ne Kogin Haɗeja ya fi yin ambaliya, kamar yadda aka gani a 2022, kuma ɗaukar iyali da kaya a lokacin kasada ce. "Ba komai" daga bakin shugaban sashe ba ta wadatar ba. Amsar da ke da sa hannun magatakarda ce kaɗai ke kare shi.

Ɗagewar ma tana da iyaka. Albashi yana farawa ne daga ranar da aka kama aiki, kuma shigar da sabon suna cikin jerin biya yakan ɗauki lokaci, don haka duk makon da ya bari tsakanin ayyukan biyu daga aljihunsa zai ci.

Sai kuɗin ƙaura. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi alawus na kwana 28 na farko a madadin masauki. Ya tambaya, a wasiƙar nan dai, me ƙa'idojin jami'ar suka tanada a kan haka, da takardun da ake nema. Irin wannan kuɗi yakan fito ne bayan an kama aiki, alhali mai gida a Haɗeja ko Kafin Hausa kuɗin shekara yake so kafin ya miƙa makulli. Wata ukun sanarwar shi ne lokacin tara kuɗin hayar.