Riƙo uku: yadda ake wasa wuƙar zolaya



Mu da muka tashi tsakanin Kawo, Unguwar Dosa da Badarawa, da zolaya aka yaye mu. A majalisar mai shayi ɗaya za ka tarar da Bakano yana tsokanar Bazazzagi, Bafulatani yana tsokanar Babarbare. Sai dai ranar da aka miƙa wa ɗayanmu makirfo a wajen liyafar biki aka ce ya taɓa ango, nan ake gane cewa zolayar baki daban, wadda aka tsara daban. Mutane ɗari biyu sun zuba ido, rabinsu dangin amarya ne da ba su san angon ba. In magana ta faɗi ƙasa, kunya ta mai magana ce. In ta yi kaifi fiye da kima, ana iya rasa aboki.

Mu ɗauki misali. Angon namu mutumin kirki ne, amma hannunsa ba ya buɗuwa. Mai koyo zai ce: "Ango marowaci ne, ko ruwa ba ya saya mana." Wannan ƙara ce aka kawo, babu abin dariya a ciki. Ga yadda muke juya ta: "Mun san ango da riƙo uku: riƙon amana, riƙon zumunci, da riƙon canjinmu."

Me ya faru a nan? Na farko ya buɗe hanya. Na biyu ya tabbatar wa mai sauraro cewa yabo ake yi, har zuciyarsa ta riga ta cike na uku da "riƙon addini". Sai na ukun ya kauce. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka ji. Abu biyu ba sa isa a kafa zato, huɗu kuwa suna ba mutum lokacin gano inda aka dosa.

Sharuɗɗa biyu muke kiyayewa. Na farko, biyun farko su zama gaskiya kuma babu wasa a cikinsu. In aka yi dariya a na biyu, na uku ya mutu. Na biyu, kalmar da ke ɗauke da dafin ta zo a ƙarshe. "Canjinmu" ce ke rufe jimlar, daga nan sai shiru. Duk wanda ya ƙara da "wato dai ba ya mayar da kuɗi" ya zuba wa shayinsa ruwan sanyi.

Sai dabara ta biyu, wadda muke kira waiwaye: komawa ga maganar da aka riga aka yi wa dariya. Bayan riƙo uku, mai magana ya bar zancen. Ya faɗi yadda suka yi makaranta tare, ya yaba wa iyaye, ya ɗauki kamar minti biyu. Da jama'a sun fara mantawa, sai ya juya: "Amarya, kwantar da hankalinki. Mutumin da shekara bakwai bai saki canjinmu ba, ke ce zai saka?"

A lura, waiwaye ba maimaici ba ne. Da ya sake cewa "riƙon canjinmu" kawai, murmushi zai samu. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ma'anar ta juya: rowar da aka zolaya ɗazu ta koma shaidar riƙon aure, kalmar "saki" kuma ta yi aiki biyu. Ango ya sha duka, ya kuma fita da mutuncinsa. A gari irin Kaduna, inda zaure ɗaya ke tara mutanen garuruwa goma, waiwaye yana da wata fa'ida: ba ya bukatar tsohon labarin unguwa. Kowa ya ji tushen maganar da kunnensa a wurin.

Yadda ake gane ya lalace ba wuya. In layin farko bai samu dariya ba, a jefar da waiwayen, domin ba a komawa rijiyar da ba ta ba da ruwa ba. In ya zo da wuri, sai ya zama ci gaban magana ɗaya. In aka yi shi sau uku, ya koma cin fuska, za ka ga ango ya daina dariya ya fara duba waya.

Iyakar kuwa tsohuwa ce. Wasan taubasai da na jika da kaka suna tafiya ne saboda akwai izini tsakani. A zolayi halin da mutum ya zaɓa kuma shi ma yake yi wa kansa dariya a kai. Asali, nakasa, talauci da iyaye ba sa shiga sahu na uku, komai daɗin jimlar. Kafin ranar, mukan karanta wa wani aminin ango layin. In ya yi dariya, a riƙe. In ya ce "anya kuwa?", a goge.