Takardar Ranar Iyaye a Zamanin Sitensil

Kafin kwamfuta ta iso ƙauyukan Bebeji da Kiru, takardar gayyatar iyaye a kan sitensil muke buga ta da tafireta, mu murza a inji, tawada ta ɓata mana hannun riga. Kuskure ɗaya sai an shafe shi da jan ruwan gyara, an jira ya bushe. Shi ya sa hedimasta ba ya barin kalmar da ba ta da aiki.

Wani dalilinsa kuma shi ne, yawancin iyayen ba su ne za su karanta ba. Yaro ne zai tsaya gaban mahaifinsa bayan magariba ya karanto, ko a miƙa wa liman ya sanar bayan salla. Abin da ba zai zauna a kunne ba, bai shiga takarda ba. Ga irin yadda muke tsarawa:

"Ranar Iyaye. Asabar, 12 ga Satumba, ƙarfe 2:30 na rana, bayan azahar, a tashi kafin ƙarfe 5:00. Shiga kyauta ne. Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai naira biyar a kowane zango, ga kowane yaro. Ba a ranar za a biya ba."

Sunan rana ke zuwa gaba, domin manomi da Asabar da Lahadi yake lissafi, da su yake sanin kasuwa. Lamba kaɗai tana sa mutum ya zo washegari. Juma'a kuwa ba ma taɓa ta, haka ranar kasuwar garin. Da damina, ko lokacin girbin masara a Tudun Wada da Doguwa, wanda ya sa taro da hantsi zai yi shi da bencina, kowa yana gona. Lokacin tashi ma dole a faɗa, saboda mai komawa wajen Riruwai ba ya son dare ya same shi a hanyar dajin Falgore.

Maganar kuɗi ce ta fi wuya. In ka rubuta adadi kawai, uba mai 'ya'ya huɗu zai ɗauka na gida duka ne, wani kuma ya zaci kuɗin shiga ne ya ƙi zuwa don kunya. Layin nan na ƙarshe, cewa ba a ranar za a biya ba, shi ke cika aji da iyaye.

Tun da gwamnatin Kano ta shelanta ilimi kyauta a 2019, wannan lissafi ya fi komawa kan makarantun kuɗi da Islamiyyu. Takardunsu na yanzu sun sha launi da hotuna, amma sau da yawa sai ka laluba kafin ka ga ƙarfe nawa ne. Malam hedimasta, kafin ka kai wa mai bugawa, kira ɗan aji huɗu ya karanta maka da ƙarfi, sannan ka tambaye shi yaushe ne, kuma nawa ne.