Ƙullu Ɗaya, Wuta Uku

Mai ƙosan da ke zama bakin titi a Birnin Kudu ba ta duba agogo. Ɗan ƙullu take ɗigawa a mai ta zuba masa ido. In ya nutse ya taso nan take yana ƙananan kumfa, mai ya yi. In ya kwanta a gindin kasko, da saura. In kuwa kafin ta ɗauki matsami ya yi ja, wuta ta yi yawa. Zafin da take nema, in za a auna, tsakanin digiri 170 ne da 180, kuma shi ake nema a kowace wuta. Abin da ya bambanta shi ne yadda kowace wuta ke amsawa in an rage ta ko an ƙara.

A ce an markaɗa wake gwangwani biyu, an buga ƙullun ya tashi, an sa man gyaɗa kamar lita ɗaya. A kan gas, minti biyar zuwa shida sun isa mai ya yi zafi a matsakaiciyar wuta. Da an zuba cokali takwas ko goma na ƙullu mai sanyi, zafin man zai faɗi, don haka sai a ɗan ɗaga wuta na rabin minti, a mayar da ita inda take. Kowane gefe minti biyu zuwa uku. Matsalar gas ita ce yana yin abin da aka ce masa nan take, mu kuwa mun saba da itace, sai mu murɗa shi har ƙarshe. Shi ya sa amaryar da aka kai da sabuwar tukunyar gas take fitar da ƙosai baƙi a waje, a ɓare shi a ga ɗanyen ƙullu a ciki. "Ke dai rage wutar nan, ba gudu ake ba," in ji uwar mijinta, kuma gaskiyarta ce.

Gawayi shi ya fi son a yi masa hidima, kuma tun da gas ya yi tsada gidaje da yawa daga Birnin Kudu har Gwaram sun koma kan kurfoti. Kada a ɗora kasko gawayi yana baƙi yana hayaƙi. A jira kamar minti 15 zuwa 20, sai garwashi ya yi ja, farar toka ta rufe shi. Zubin farko da na biyu su ne masu hatsari, domin lokacin wuta na kan ganiyarta, ƙosai kan soyu cikin minti huɗu. Zuwa zubi na biyar garwashi ya fara sanyi, abin da ya ɗauki minti huɗu sai ya nemi bakwai, ƙosan ya fito fari, da nauyi, ya sha mai har yana jiƙa takardar da aka ƙunshe shi. Wadda ta iya ba ta bari a kai nan. Tun a zubi na uku take kaɗe toka, ta tura sabon gawayi ta gefe don ya kama kafin a buƙace shi, ta ɗan yi fifita da mafici. In wuta ta yi yawa, ta janye garwashi biyu uku ko ta juya bakin kurfotin ya ba iska baya. Da hunturu wannan juyawar dole ce, don iska ita ke hura wutar ba da izininki ba. Sai dai duk sanyin da ake yi, kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa tana kisa, ba ta kuma da wari.

Murhun lantarki mai farantin ƙarfe jinkiri ne halinsa: yana daɗewa bai yi zafi ba, in an rage shi kuma yana daɗewa bai huce ba. Saboda haka ana rage shi tun mai bai kai ba, in kuma mai ya fara hayaƙi sai a sauke tukunyar gefe. Kasko mai zagayayyen gindi bai dace da shi ba, domin tsakiyarsa kaɗai ke taɓa farantin. Tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi ake so. Ga kuma ƙarfin wutar da ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ya sauko daga bolt 230 zuwa 180, murhu mai wat 1000 bai wuce ya ba da wat 600 da 'yan kai ba, alhali maɓallin yana nan inda aka bar shi. Da an ga ƙwan ɗaki ya yi ja-ja, a rage yawan zubi, biyar maimakon goma, a ƙara wa kowane gefe minti ɗaya, kuma kafin sabon zubi a sake ɗiga ƙullu a gani.